Taƙaitaccen Tarihina da Fagen Bincikena

Ni malama ce kuma mai bincike a fannin kimiyyar amfanin gona. Na yi digirina na farko da na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, na kuma yi aikin digirin digirgir a gonakin gwaji na Samaru, inda aka fara binciken noma tun shekarar 1922.

Akasarin bincikena a kan ƙuduji ne, wato ciyawar nan da wasu ke kira wuta-wuta, wadda masana suka sani da sunan Striga. Iri biyu nake nazari: Striga hermonthica mai kama dawa da gero da masara, da Striga gesnerioides mai kama wake. Abin da ya sa ta gagari manomi shi ne, tana manne wa saiwar shuka tana shanye mata ruwa da abinci tun tana ƙarƙashin ƙasa, ta yadda kafin a ga furenta ta riga ta yi ɓarna mai yawa. Tushe guda yana zubar da dubban ƙwayoyin iri, ƙanana kamar ƙura, waɗanda kan shekara fiye da 10 a cikin ƙasa ba su mutu ba.

Maƙalolin da na wallafa a mujallun ilimi, waɗanda sai masana sun tantance kafin a buga, yawancinsu sun ta'allaƙa ne a kan tambaya guda: me ke tayar da wannan iri daga barci? Ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari mai suna strigolactone da saiwar shuka ke fitarwa, kuma shuka ta fi fitar da shi idan ƙasa ta rasa sinadaran taki, musamman fosfaras. Saboda haka nake ɗaukar yawan ƙuduji a matsayin alamar gajiyar gona, kuma ina ganin cirewa da hannu kaɗai ba za ta wadatar ba muddin ba a ciyar da ƙasar ba. Wasu rubuce-rubucen nawa sun duba amfanin juya shuka da waken suya ko auduga, domin saiwarsu tana sa irin ya tsiro amma ba ya samun abin kamawa, sai ya mutu.

Da Turanci ake buga waɗannan maƙaloli, alhali manoman da abin ya shafa da Hausa suke magana, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Shi ya sa kowane bincike na kammala, nakan rubuta taƙaitaccen bayaninsa da Hausa domin malaman gona da shirye-shiryen rediyo.

A halin yanzu ina gwada ingantattun irin wake masu jure ƙuduji a gonakin manoma a jihohin Kano da Jigawa, kuma ina karɓar ɗaliban digiri na biyu masu sha'awar yin aiki a wannan fanni.