Shawarar fastocin wanke hannu domin asibitinka

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Likita. Ina gajiya, ya marasa lafiya? Allah Ya ba su sauƙi.

Ni ne mai zanen da ya kawo yarinyarsa asibitinka na Bolari ranar Talata, tana gudawa. Alhamdu lillahi ta ware. Muna zaune a benci sai idona ya kai kan fastar da ke saman bokitin famfo. Rana ta cinye launinta, rubutun Turanci ne, hannun kuma na Bature a kan tangaran. Matan da ke layi ba wadda ta ɗaga kai ta kalle ta. Abin ya tsaya mini a rai har gida.

Ina so ka ba ni dama in yi maka fastoci 4, girman A3, masu kama da mu. Uwa da hijabi ta gama wanke wa jariri kashi, ɗiyarta tana zuba mata ruwa daga buta, ga sabulu a gefe. Yara sun kewaye kwanon tuwo, kowa hannu da kumfa. Sai ta bakin bayi, sai ta ma'aikatanka kafin su taɓa majiyyaci da bayan sun taɓa. Rubutu kaɗan ne, da Hausa: sabulu, a cuɗa har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, aƙalla daƙiƙa 20. In kana so a ƙara Fulfulde da ajami, sai mu samu wanda ya iya ya duba.

Hotunan da manhajar ƙirƙirarriyar basira zan haɗa su, gara in faɗa maka tun yanzu. Ba sai mun ɗauki hoton majiyyaci ko ɗan wani mun manna a bango ba, kuma kuɗin ya ragu. Amma manhajar nan tana da aibi, kuma a daidai inda ya shafe mu: hannu. Takan fitar da yatsu 6, ko biyu a manne, ko ruwa yana zuba ba daga bakin buta ba. Rubutun Hausa ma takan dagula shi. Saboda haka kowane hoto zan bi shi in gyara da kaina, rubutun ni zan sa, a ƙasa kuma in rubuta cewa hoton haɗawa aka yi. Ba abin da zai je wurin bugawa sai kai ko babbar nas kun duba kun amince, don ni zane na sani, ba aikin asibiti ba.

Kuɗin zane naira 60,000, da gyara sau 2, rabi kafin alƙalami. Bugawa da rufin roba daban, zan kawo maka rasit ɗin madaba'a. Mako 2 ya ishe ni, ka ga sun hau bango kafin 15 ga Oktoba, ranar wanke hannu ta duniya.

In ka yarda, ranar Asabar bayan la'asar zan zo da samfurin ta uwa da buta, mu manna ta a saman bokitin mu ga ko matan za su ɗaga kai.

Na gode, a gaida iyali.