Takardar Neman Sake Tsara Biyan Bashin Injin Casar Shinkafa

Umaru Garba Mai Injin,
Hanyar Birnin Kebbi,
Argungu, Jihar Kebbi.
15 ga Satumba, 2025.

Zuwa ga Manajan Reshe,
Ta hannun Jami'in Sashen Murabaha,
Reshen Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yallaɓai,

NEMAN SAKE TSARA BIYAN KUƊIN MURABAHA NA INJINAN CASA, ASUSU MAI ƘAREWA DA 4417

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in roƙi banki ya rage abin da nake biya duk wata, ya kuma ƙara mini wata bakwai a kan wa'adin da muka yi. Ba yafiya nake nema ba, ba kuma ragi a kan jimillar kuɗin ba. Bashin nawa ne, zan biya shi duka in sha Allahu. Abin da ya gagare ni shi ne ₦330,000 a kowane wata, domin cinikin da aka gina wannan adadi a kansa ya ragu da kusan rabi.

A watan Yuli 2024 banki ya sayi injin casa, da injin cire tsakuwa, da janareta a kan ₦6,000,000, ya sayar mini da su a kan ₦7,920,000, in biya cikin wata 24, ranar 28 ga kowane wata, daga Agusta 2024 zuwa Yuli 2026. Ga inda muka tsaya yau:

Wata 11 da na biya cif, Agusta 2024 zuwa Yuni 2025: ₦3,630,000
Abin da na biya a Yuli 2025: ₦200,000
Abin da na biya a Agusta 2025: ₦150,000
Jimillar abin da ya shiga hannunku: ₦3,980,000
Abin da ya saura a kaina: ₦3,940,000

A cikin abin da ya saura akwai giɓin ₦310,000 na watannin nan biyu. A wata 11 na farko ba a taɓa kirana don tuni ba, jami'inku zai iya shaida haka. Ko kuɗin Yuli sai da na sayar da raguna biyu na haɗa, don kada watan ya wuce ban kawo komai ba.

Dalilin faɗuwar cinikin ba ɓoyayye ba ne ga duk mai harkar shinkafa a wannan yanki. A Yuli 2024, watan da muka sa hannu, Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba. Ba mu ji nauyin abin nan take ba. Sai da aka shiga 2025 farashin shinkafa ya fara sauka, ya ja na shanshera ƙasa tare da shi. Mai saye a kasuwa ya samu sauƙi, kuma ba na baƙin ciki da hakan, domin ni ma ina ciyar da gida. Amma manomin rani a fadamar Argungu da Augie da injin ban ruwa yake noma, injin kuma fetur yake sha. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin ban ruwa yake hawa, har lita ta haura ₦1,000 a ƙarshen 2024, ga taki bai sauko ba. Manomi ya kashe kuɗi da tsada, ya zo sayarwa da araha. Da yawa daga cikin waɗanda nake casa wa sun rage gona a ranin da ya wuce, wasu kuma sun kulle shansherarsu a ɗaki suna jiran farashi ya ɗaga.

Inda abin ya fi bayyana a wajena shi ne wurin mata masu yin gumi, domin su ne ƙashin bayan injina. A da kafin in buɗe da safe buhunansu sun yi layi daga bakin sikeli har ƙofar shiga, kowace ta ɗaura ƙyalle mai launinta a bakin buhu don kada a gauraya. Akwai wata dattijuwa da ba ta gaza buhu 12 a mako. Yanzu buhu huɗu take kawowa, wani makon uku, ta ce idan ta turara da yawa kafin ta kai kasuwa farashi ya sake sauka, kuɗin itace ma ba ya fita. Yawancin ranaku kafin azahar mun kashe injin.

Ga matsakaicin wata ɗaya a lokacin da abubuwa ke tafiya, wato Agusta 2024 zuwa Maris 2025:

Kuɗin casa, buhu 900 a kan ₦2,500: ₦2,250,000
Ribar shinkafar da nake saye in casa in sayar: ₦400,000
Dusa da gutsattsarin shinkafa: ₦150,000
Jimillar shiga: ₦2,800,000
Man gas da wuta: ₦1,150,000
Albashin ma'aikata shida: ₦420,000
Hayar wuri: ₦60,000
Gyaran inji da kayan canji: ₦170,000
Buhuna, zare, dako da mota: ₦200,000
Jimillar fita: ₦2,000,000

Ragowar ₦800,000 ce nake cire naku daga ciki, in riƙe gida da jari da sauran. Ga kuma matsakaicin wata ɗaya daga Yuni zuwa Agusta 2025:

Kuɗin casa, buhu 520 a kan ₦2,500: ₦1,300,000
Ribar saye da sayarwa: ₦60,000
Dusa da gutsattsari: ₦90,000
Jimillar shiga: ₦1,450,000
Man gas da wuta: ₦660,000
Albashin ma'aikata huɗu: ₦260,000
Hayar wuri: ₦60,000
Gyaran inji: ₦80,000
Buhuna, zare, dako da mota: ₦80,000
Jimillar fita: ₦1,140,000

Abin da ke saura shi ne ₦310,000. Ko da iyalina ba su taɓa sisi ba, bai kai kuɗin wata ba. Gidana mutum 11 ne, na matse kashewarmu zuwa ₦180,000, hakan ma don muna cin hatsin gonarmu ne. Saura ₦130,000, kuma shi ne gaskiyar abin da zan iya kawowa a yanzu ba tare da na ci wani bashin don biyan wannan ba.

Akwai kuma asarar da ta taɓa jarin kansa. A Fabrairu na sayi shanshera buhu 60 a kan ₦55,000, kuɗi ₦3,300,000, kamar yadda muke ajiyewa kowace shekara don watannin da kaya ke yankewa. Da na casa na sayar a Yuni, bayan cire ɗawainiya ₦2,400,000 ta dawo, wato asarar ₦900,000. Da wannan ajiyar nake cike giɓin damina, bana kuwa ita ce ta buɗe shi.

Ban zauna ina jira ba. Na sallami ma'aikata biyu, abin da ya yi mini ciwo ƙwarai domin dukansu masu iyali ne. Na daina tayar da janareta sai buhu 20 ya taru. Ban ƙara kuɗin casa ba, kuma da gangan ne: idan na ƙara ko ₦200 a wannan yanayi, matan nan za su koma wani injin, kuma dawo da su ya fi riƙe su wuya.

Saboda haka ga tsarin da nake roƙo a duba:

Satumba, Oktoba da Nuwamba 2025, in biya ₦130,000 duk wata: ₦390,000
Ranar 20 ga Disamba 2025, in biya dunƙule ɗaya daga girbin gonata ta damina: ₦400,000
Disamba 2025 zuwa Fabrairu 2027, wata 15, in biya ₦210,000 duk wata: ₦3,150,000
Jimilla: ₦3,940,000

Da wannan banki zai karɓi kuɗinsa cif, har da giɓin Yuli da Agusta, sai dai biyan ƙarshe zai koma 28 ga Fabrairu 2027 maimakon 28 ga Yuli 2026.

Na san za a tambaya daga ina ₦210,000 za ta fito, tunda yau ₦130,000 nake iyawa. Shinkafar damina tana fara shigowa daga ƙarshen Oktoba, ta rani kuma wajen Afrilu da Mayu. Bayan haka na yi yarjejeniya a rubuce da wata ƙungiyar mata masu gumi da 'yan kasuwa biyu da ke kai shinkafa Jega da Sakkwato, cewa daga Disamba za su riƙa kawo mini aƙalla buhu 180 a wata. Ban ɗora lissafin a kan buhu 900 na da ba, na ɗora shi a kan 700. Ƙarin buhu 180 zai kawo ₦450,000, man gas ya ci kusan ₦230,000, sauran ɗawainiya ₦60,000, a samu ₦160,000. Idan aka haɗa da ₦130,000 na yanzu ya zama ₦290,000. Na ce ₦210,000 ne don in bar ₦80,000 a asusuna na wajenku saboda Agusta zuwa Oktoba, lokacin da shanshera ke ƙaranci kowace shekara. Gara in ɗauki alkawarin da zan cika ko ciniki bai yi daɗi ba. Kuma na yarda a rubuta cewa duk watan da casa ta haura buhu 850, zan biya ₦330,000 na asali, wa'adin ya ragu.

Sai roƙo uku da ke tafiya da wannan. Ina roƙon a ɗage mini tarar jinkiri ta Yuli da Agusta, wadda yarjejeniyarmu ta ce ba ta shiga ribar banki, sadaka ake yi da ita. Ina roƙon a dakata da tuntuɓar wanda ya tsaya mini har a yanke shawara a kan wannan takarda. Na sanar da shi komai, ya kuma amince ya ci gaba da tsayawa a sabon tsarin. Haka nan a dakata da maganar karɓe injinan. A ƙiyasina idan aka kwance su aka sayar a kasuwar yau, inda masu casa da yawa ke neman mai saye, da wuya su kai ₦3,500,000, ƙasa da abin da ake bina, ga magidanta huɗu da za su rasa aiki. Takardar filina da ke hannunku a matsayin jingina tana nan yadda take har in gama biya.

Na haɗo da bayanin asusuna na wata 13, da kwafin littafin casa na kullum daga Agusta 2024, da rasiɗan man gas, da yarjejeniyar buhu 180, da takardar amincewar wanda ya tsaya mini. Jami'inku yana iya zuwa injin kowace rana ba sai an sanar da ni ba, ya ƙirga buhuna ya gwada da littafi. Na kuma yarda in riƙa kawo lissafin wata a makon farko na kowane wata.

Tunda biyan gaba zai faɗo ranar 28 ga Satumba, ina roƙon a ba ni amsa ko a kira ni zama kafin ranar 25. Ko amsa ba ta iso ba, zan saka ₦130,000 a ranar. Idan kwamitinku yana da wani tsarin da ya fi dacewa da ƙa'idojin banki, a shirye nake in zo mu duba shi tare da waɗannan alƙaluma a gabanmu.

Na gode da haƙurin da aka yi da ni a watannin nan biyu. Allah Ya saka da alheri.

Wassalam.

Naku,
Umaru Garba Mai Injin