Tsarin Karin Maganar Safiya na Makon 8 zuwa 14 ga Yuni

Malama, barka da aiki. Ga tsarin da na shirya wa sashen karin magana na mako mai zuwa, wanda zai riƙa shiga da ƙarfe 6:40, bayan taƙaitattun labarai, na tsawon minti 3. Roƙona shi ne ki faɗi karin maganar sau ɗaya a tsanake, ki ɗan yi shiru, ki kawo misali guda daga rayuwar mai sauraro, sannan ki maimaita ta ki wuce. Wanda ke ɗaura wa yaro igiyar takalmi da kunne ɗaya a rediyo ba zai riƙe dogon sharhi ba, amma zai fita da jimla ɗaya a bakinsa.

Ranar Litinin jigonmu himma ne, kuma za mu buɗe da "Da sanyin safiya ake kama fara." Ki bayyana hoton da ke cikinta, domin yara da yawa sun haddace ta ba su san dalili ba: sanyi yana kashe wa fara jiki ta kasa tashi, da rana ta ɗaga kuwa sai dai a bi ta da kallo. Misalin ya zama na wanda ya daɗe yana ɗage wani aiki yana cewa sai gobe.

Talata ta haƙuri ce. Na guji "Mahaƙurci mawadaci" saboda mun yi ta sau biyu cikin wata uku, na ɗauki "Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba." Don Allah a faɗe ta har ƙarshe, domin rabin na biyu shi ne ke nuna cewa haƙuri yana da tsada, kuma mai sauraron da ya shekara yana neman aiki ya fi yarda da wanda bai ɓoye masa tsadar ba.

Laraba ce na fi ba muhimmanci, kuma idan da hali a ƙara mata minti ɗaya. Jigon shi ne kame baki, da "Magana zarar bunu ce." Bunu ita ce tsohuwar ciyawar rufin ɗaki, wadda idan aka zaro ta ba ta komawa mazauninta. Ina so misalin ya fito daga wayar hannu: mutum ya ji labari a kan maƙwabcinsa, ya tura wa mutum goma kafin ya bincika, da rana ta yi ya gane ƙarya ne ya goge saƙon, alhali goman nan kowa ya riga ya tura wa nasa. Kada a ambaci wani lamari da ya faru da gaske, ko da ba a kama suna ba, domin masu sauraro suna gane wanda ake nufi, sai mu faɗa cikin abin da muke gargaɗi a kai.

Alhamis ta ɗora a kan Laraba da jigon gaskiya: "Ramin ƙarya ƙurarre ne." Wannan ba ta buƙatar dogon bayani. Juma'a kuma ta zumunci ce, da "Zumunta a ƙafa take," kuma a nan kina iya tambayar masu sauraro wane ɗan'uwa ne suka daɗe suna gaishe shi ta waya ba su taka ƙofarsa ba. A karanta saƙonni biyu kawai.

Asabar yara suna gida, iyaye suna kusa da su, shi ya sa na ajiye mata ilimi, da "Gemu ba ya hana ilimi." A juya ta wajen manya da murya mai taushi, domin akwai dattijon da ke son koyon karatu kunya ta hana shi, kuma idan ya ji alamar zolaya a muryarki mun rasa shi. Lahadi mu rufe da alheri: "Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza."

Akwai karin magana masu daɗin faɗi da na tsallake da gangan, wato waɗanda ke yi wa makaho, kuturu ko kishiya shaguɓe. A watan jiya wata mai sauraro ta rubuto cewa irin wannan ta sa mahaifinta ya kashe rediyo, kuma maganarta ta tsaya mini a rai. Idan kina son sauya wata daga cikin bakwai ɗin, ki kiyaye wannan.

Na Asabar da Lahadi za mu naɗe su ranar Juma'a da ƙarfe 10:00 na safe a ƙaramin situdiyo, saboda haka ki turo mini misalanki a rubuce kafin yammacin Alhamis.

Na gode,
Furodusan shirin safe