Saƙon murya ga Bilkisu: ki kunna idan kin kwanta

Bilkisu ƙanwata, sannu da gajiya. Kada ki kunna wannan saƙon sai kin gama komai, kin kashe fitila, kin hau gado. Ki kife wayar a gefe, ki rage sauti daidai yadda za ki ji muryata.

Kin ce mini gajiya kamar ki faɗi, amma da kin kwanta sai ido ya bushe, zuciya na bugawa, kafaɗu a ɗaure. Ban yi mamaki ba. Kin wuni tsaye gaban allo, dare ya yi kuma kin duƙufa kan takardun jarrabawar ɗalibai, jikin bai samu labarin an tashi daga aiki ba. Barci ba a yi masa dole, don haka yau ki bar nemansa. Numfashinki da tsokokinki su ne a hannunki, da su za mu yi aiki.

Kwanta rigingine. Sa ƙaramin filo ƙarƙashin gwiwoyinki, musamman saboda ta hagun nan da ke damunki. Ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya.

Shaƙi iska ta hanci a hankali. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Hannun da ke kan cibiya shi nake so ya ɗaga, na ƙirji ya zauna kusan a inda yake. Yanzu fitar ta baki, leɓe a ɗan tsuke. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida.

Sake. Ciki ya taso, biyu, uku, huɗu. Ciki ya sauka, biyu, uku, huɗu, biyar, shida.

Ci gaba a haka, ina miki bayani. Babban mutum a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, da wannan ƙirgen kuwa sau 6 kike yi. Fitarwar na tsawaita da gangan. Duk lokacin da kika shaƙi iska bugun zuciya na ɗan ƙaruwa, idan kika fitar yana ɗan raguwa, ta hanyar wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauko ta wuya har zuciya da ciki. Idan fitarwa ta fi shaƙa tsawo, kin ba ɓangaren hutu na jiki ƙarin lokaci ke nan. Ba sai kin cika huhu taf ba. In kin ji jiri ko yatsu na yi miki kamar ana tsira musu allura, iskar ta yi yawa, ki koma numfashinki na kullum har ya wuce.

Shaƙa. Fitar. Ki yi biyar ke kaɗai, zan jira ki.

Madalla. Sauke hannuwa gefe, mu koma kan tsokoki. Wani likita Ba'amurke, Edmund Jacobson, shi ya fito da wannan hanyar, littafinsa a kanta ya fita a 1929. Ya lura mutum kan ɗaure jiki bai ma sani ba, kuma sai ya ɗaure da gangan sannan ya saki yake gane bambancin. Kowane wuri za ki ɗaure shi daƙiƙa 5, da rabin ƙarfinki kawai, ki sake shi kamar daƙiƙa 20. Kada ki riƙe numfashi. Inda ke ciwo kuma a tsallake shi.

Dunƙule hannun dama. Ji yadda yatsu suka matse tafi, ji jan da ya hau har gwiwar hannu. Uku, huɗu, biyar. Saki gaba ɗaya, lokaci guda. Bar yatsun su buɗe da kansu. Wannan hannun da ya wuni riƙe da jan biro, saurare shi yanzu. Akwai ɗumi? Akwai nauyi? Gwada shi da na hagu da ba ki taɓa ba tukuna, za ki ji ba ɗaya suke ba.

Yanzu na hagu. Dunƙule, riƙe. Saki.

Lanƙwasa hannu biyu, damatsa su yi tauri. Riƙe. Saki, su faɗa kan katifa.

Ga inda nake so mu daɗe, kafaɗu, don nan ne kike tara gajiyarki. Ɗaga su sama kamar za su taɓa kunne. Ji yadda wuya ya gajarce, ji zafi-zafin da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Haka kike zama kan teburi awa da awanni, ba ki sani ba. Riƙe. Fitar da numfashi, saki. Su sauka. Idan kin ga kamar sun gama sauka, ƙara fitar da numfashi ɗaya, za ki tarar akwai saura. Mu maimaita. Ɗaga, riƙe, uku, huɗu, biyar. Saki. Tsaya nan numfashi uku, kada ki yi gaggawa.

Danna ƙeya cikin filo kaɗan, wuya ba ya son ƙarfi. Saki.

Fuska. Ɗaga gira sama, goshi ya tattare. Saki, ya miƙe sumul. Runtse ido, yamutsa hanci. Saki. Haɗa haƙora a hankali, ji kumburin tsokar da ke gaban kunne. Saki, haƙoran sama da na ƙasa su rabu, harshe ya kwanta. Tun muna yara kike cizon haƙora cikin barci, don haka wannan ki yi shi sau biyu.

In tunanin takardun da ba ki gama dubawa ba ya faɗo miki, ba laifi, kowa haka yake. Kada ki yi kokawa da shi. Ce masa sai gobe, ki dawo wurin da muke.

Matse ciki, ya yi tauri. Saki, numfashi ya sake cika shi. Matse mazaunai. Saki.

Cinyar dama, miƙe ƙafar ki ɗaure. Saki. Ta hagu ba za mu ɗaure ta ba saboda gwiwar. Kai hankalinki wurin kawai, ki fitar da dogon numfashi, ki bar filo ya ɗauki nauyinta.

Jawo yatsun ƙafa su kalli fuskarki, ji jan da ke sharaɓa. Saki. Lanƙwasa yatsun ƙasa kaɗan-kaɗan, in kin ji jijiya za ta riƙe ki bari nan take. Saki. Dugadugan da suka wuni ɗauke da ke su nutse cikin katifa.

Bi jikin da hankalinki daga goshi har tafin ƙafa. Inda kika tarar da sauran ɗauri, ɗaure shi sau ɗaya, ki saki. Juya ki kwanta yadda kika saba.

Mai yiwuwa yau barci ya ɗauke ki kafin in gama, mai yiwuwa kuma a'a, musamman a kwanakin farko, don abu ne da jiki ke koya da maimaici. In kin ga kamar minti 20 ya wuce ido biyu, kada ki yi ta juyi kina duba agogo. Tashi ki zauna a kujera cikin haske kaɗan, ba waya, sai kin fara gyangyaɗi ki dawo gado. In kuwa rashin barcin ya kai dare 3 a mako har wata 3, ko bugun zuciyar ya zo da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ki ga likita, wannan ba na jira ba ne.

Koma kan ƙirgenki, huɗu shiga, shida fita. Saƙon zai tsaya da kansa, ba sai kin taɓa wayar ba. Allah ya tashe mu lafiya, ƙanwata.