Ƙiyasin Kayan Aiki da Kuɗin Ma'aikata: Ginin Ɗaki Biyu na Inna

10 ga Janairu, 2026
Ƙauyenmu, ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa

Assalamu alaikum, Yaya Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga lissafin da ka ce a rubuto maka dalla-dalla kafin ka turo ko kwabo. Na auna filin da kaina, na kuma taka har Kano na ji farashi da kunnena, rodi da kwano a Ƙofar Ruwa, katako a Na'ibawa. Siminti da bulo na Ringim ne. Farashin nan na wannan makon ne, ba zan iya tsaya masa fiye da mako biyu ba.

Abin da za a gina ɗaki biyu ne a jere, kowanne ƙafa 12 a ƙafa 12 daga ciki, ƙofa biyu, taga huɗu, rufin kwano da silin, filasta ciki da waje. Idan aka bi bangon duka da awo, har da na tsakiya, ƙafa 87 ne. Tsawon bulo ƙafa ɗaya da rabi, ke nan layi ɗaya yana cin bulo 58. Ka riƙe wannan 58 ɗin, daga ita sauran lissafin bulo ya fito.

KAYAN AIKI

1. Bulo mai inci 9 na fandisho, 250 a kan ₦800: ₦200,000
Layi huɗu ne, wato 232, sauran na fashewa. Wasu layi uku suke yi. Ni ban yarda da uku a gefenmu ba, ka san yadda ruwa ya kwanta a tsakar gida a daminar 2022. Gara ɗakin Inna ya ɗaga sama.

2. Bulo mai inci 6 na bango, 800 a kan ₦600: ₦480,000
Layi 13 ban da linta ya kama 754. Na cire 94 na gurbin ƙofa da taga, saura 660. Na ƙara 100 na ɗaga gaban gini don kwano ya samu gangara, da 40 na waɗanda za su karye wajen lodi da saukewa.

3. Siminti, buhu 70 a kan ₦10,000: ₦700,000
Ga inda za su shiga: kankaren fandisho 12, jera bulo 17, linta 6, daɓe 15, filasta 20. Ba za a sayo su lokaci guda ba. Siminti idan ya daɗe a ajiye yakan yi dutse-dutse, kuma zauren da za mu jibge shi ƙasa ce ba daɓe.

4. Yashi, tifa 3 a kan ₦60,000: ₦180,000 (biyu mai kaushi, ɗaya mai laushi na filasta)
5. Tsakuwa, ƙaramar tifa 1: ₦220,000
6. Marmara ta ciko, tifa 3 a kan ₦40,000: ₦120,000

7. Ƙarfen linta: ₦135,000
Rodi mai 12 guda 10 a kan ₦9,500, ₦95,000 ke nan. Mai 8 na zobe guda 7 a kan ₦4,500, ₦31,500. Wayar ɗauri ₦8,500. Lintar zagaye za mu yi, ta ɗaure ginin gaba ɗaya, ba guntaye a kan ƙofa da taga kawai ba. Sanda huɗu a ƙafa 87 sun kama ƙafa 348, rodi ɗaya kuwa mita 12 ne, bai cika ƙafa 40 ba. Tara za su kai da ƙyar, na goman na haɗin baki ne.

8. Falankin zuba linta, 15 a kan ₦4,000: ₦60,000
9. Kwano, bandir 2 da rabi a kan ₦70,000: ₦175,000 (falle 20 ne a bandir, falle 50 ke nan)
10. Katakon rufi: ₦190,000
Mai 2 a 4 guda 20 a kan ₦3,500, ₦70,000. Mai 2 a 3 guda 30 a kan ₦2,500, ₦75,000. Mai 2 a 2 na silin guda 30 a kan ₦1,500, ₦45,000.

11. Ƙusa ₦35,000, maganin gara ₦15,000: ₦50,000
Kada a taɓa maganin nan. Rannan na tura yatsa a azarar tsohon ɗakin Baba, yatsan ya nutse kamar cikin tuwo, gara ta cinye cikin ta bar ɓawo.

12. Silin mai ƙafa 4 a 4, guda 20 a kan ₦4,000: ₦80,000 (tara kowane ɗaki, biyu na rara)
13. Ƙofar ƙarfe 2 a kan ₦75,000: ₦150,000
14. Tagar ƙarfe 4 a kan ₦40,000: ₦160,000
15. Fenti, bokiti 4 a kan ₦20,000: ₦80,000
16. Ruwa daga 'yan ga-ruwa: ₦60,000
17. Kuɗin mota da dako daga Kano da Ringim: ₦90,000

Na san za ka tsaya a kan ruwa, ka ce yaushe aka fara sayen ruwa a garinmu. Rijiyar gida ba ta iya ɗaukar gini da girki a lokaci guda. Ga hunturu, iska tana busar da filasta tun kafin ta kama, dole a riƙa ba ta ruwa safe da yamma na kwanaki, in ba haka ba ta tsattsage.

Jimlar kayan aiki: ₦3,130,000

KUƊIN MA'AIKATA

Duk jinga na yi da su, ban yi kuɗin yini da kowa ba. Azumi na tafe a watan Fabrairu, kuma mai kuɗin yini a cikin azumi da azahar ya wanke cokalinsa. Mai jinga kuwa shi zai matsu ya gama.

18. Haƙar fandisho: ₦50,000
19. Zuba kankare, ciko da dannewa: ₦60,000
20. Jera bulo 1,050 a kan ₦200, birkila da leburansa: ₦210,000
21. Linta, da mai lanƙwasa rodi da kafinta da masu zubi: ₦70,000
22. Kafinta, rufi da silin: ₦150,000
23. Filasta ciki da waje: ₦170,000
24. Daɓe: ₦60,000
25. Kafa ƙofofi da tagogi: ₦30,000
26. Mai fenti: ₦50,000
27. Tsayuwa a kan aiki da zirga-zirgar sayayya: ₦120,000

Lamba 27 tawa ce. Na rubuta ta a fili don kada in ɓoye ta cikin kuɗin siminti yadda wasu suke yi. Wata biyu zan bar nawa aikin. In ka ga ta yi yawa ka rage, tsakanina da kai babu ciniki, balle ɗakin Inna ne. Lamba 20 kuma bulon da ya hau bango za a ƙirga a biya, wanda ya fashe ba a biyan kuɗin jera shi, don haka wani abu zai ɗan dawo daga nan.

Jimlar kuɗin ma'aikata: ₦970,000

HAƊAWA

Kayan aiki: ₦3,130,000
Ma'aikata: ₦970,000
Jimlar biyun: ₦4,100,000
Ko-ta-kwana, kashi 10 cikin 100: ₦410,000
JIMLA GABA ƊAYA: ₦4,510,000

Yanzu sai maganar ko-ta-kwana, wadda ka ce min a waya ba ka gane amfaninta ba tunda an riga an ƙirga komai. Yaya, abin da ido ya gani aka ƙirga. Ƙasa ba a buɗe ta ba tukuna.

Ka tuna kusurwar gabas, inda tsohuwar shadda take tun zamanin Baba, aka cike ta da shara da toka? Jiya na caka rodi a wurin, ya shige kusan ƙafa uku ban sa ƙarfi ba. Bangon baya ta gefenta zai wuce. In Allah ya taimake mu, kusurwar kaɗai za mu zurfafa. In kuwa ƙasar ta ƙi, sai an ƙara layi biyu a fandisho duka: bulo 116 a kan ₦800, ₦92,800, kuɗin jerawa ₦23,200, siminti buhu uku ₦30,000. ₦146,000 ke nan sun tafi tun gini bai leƙo sama ba.

Sai kasuwa. Siminti ya ƙara ₦500 kawai a buhu, buhu 70 sun ci ₦35,000. Mai tifa ya kawo yashi tifar ba ta cika ba, ko ya zo da laka a ciki aka ƙi karɓa, ƙarin tifa ₦60,000. Haɗa ukun nan, ₦241,000, kuma babu wanda ya ci amanar kowa. Daga ₦410,000 saura ₦169,000, rufi bai hau ba.

Kashi 10 na sa saboda ramin nan da kuma nisanmu da kasuwa. Da fili ne mai tauri a cikin gari, da kashi 5 ma ya isa. A kan jimlar duka na ɗora shi, ba a kan kaya kaɗai ba, don duk bulon da aka ƙara akwai hannun da zai jera shi.

Kuɗin nan kada ka turo min su. Su zauna a wurinka, amma ka ware su, kada su shige hidimar sallah. In buƙata ta taso zan kira ka, in turo hoton abin da ya faru da rasit, ka amince sannan ka saki daidai abin da ake nema. Abin da ya rage ranar da Inna ta tare naka ne. Abin da nake gudu shi ne a soke layin nan don jimla ta yi kyau a ido, gini ya kai linta kuɗi su yanke, damina ta same shi a buɗe. Irin kangon nan uku ne a hanyar masallacin Juma'a, ka gan su da ka zo.

Sharaɗi ɗaya: ko-ta-kwana ba ta ɗaukar canjin ra'ayi. In aka ce daga baya a sa tayil a maimakon daɓe, ko a ƙara baranda, wannan sabon lissafi ne da takardarsa daban. Na faɗa don na ji Inna ta fara zancen rumfar da za ta riƙa shan iska.

Babu wayarin wuta a cikin lissafin nan, babu banɗaki, babu katanga, babu labule da leda. Abincin ma'aikata ma babu, Inna ta ce ita za ta riƙa dama musu fura, ta kuma hana ni sa wannan a takarda.

Yadda za a turo kuɗin: ₦1,500,000 na farko, daga haƙa har a gama ciko, da kafin-alƙalamin mai bulo da mai walda. ₦1,500,000 na biyu, daga bango har kwano ya hau. ₦1,100,000 na ƙarshe, filasta, daɓe, silin da fenti. Ba zan nemi na gaba ba sai na turo maka rasit na wanda ya wuce, ina da littafi guda da na ware don wannan.

In ka amince, ka turo na farko cikin makon nan in kama bulo da siminti kafin farashi ya motsa, mu fara haƙa ranar Asabar mai zuwa in sha Allah. Ka duba lissafin da kanka, ko ka ba babban ɗanka ya bi shi da kalkuleta, in ya ga kuskure a gyara tun a takarda.

Inna tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko ƙofar tata za ta kalli kudu, don ba ta son rana ta riƙa shigo mata da hantsi.

Ƙaninka mai gini