Injiniyar Ruwa da Ƙasa | Tsaron Jinga da Kariya daga Ambaliya | Arnhem, Holan

Ni injiniya ce mai aikin kare gari da gona daga ambaliya. Tun farkon 2023 nake tare da wani kamfanin ba da shawara kan aikin injiniya a Arnhem, a ƙasar Holan, inda nake bincikar ƙarfin jingar da ke riƙe kogunan Waal da IJssel, ina kuma tsara yadda za a ƙarfafa wadda ta gaza. Jingar nan dai irin wadda manoman fadama suka sani ce, sai dai tasu ta nan ta fi ɗaki tsawo, mota tana bi ta kanta, kuma dubban gidaje ne a bayanta.

A Haɗejiya aka haife ni, a gidan manoman shinkafa. A wajenmu kogi shi ne abinci, shi ne kuma fargaba. Ina sakandare lokacin ambaliyar 2012, kuma har yau ina ganin mahaifina a tsaye bakin gonarsa, ruwa har ƙugu, shinkafar da saura mako uku a yanke ta nutse ba a ganin ko kanta. Tun daga ranar nake tambayar abin da ya sa ruwan da ya taso tun daga madatsun ruwa na Tiga da Challawa zai iso mana ba wanda ya san yawansa, ba wanda ya san ranar zuwansa. Wannan tambayar ce ta kai ni sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero, Kano, inda na kammala a 2018. Bayan hidimar ƙasa na yi shekara biyu a wani kamfanin gine-gine a Kano, muna aikin kwalbati da magudanan ruwa, kafin na samu tallafin karatu na yi digiri na biyu a IHE Delft, cibiyar nazarin ruwa da ke garin Delft a Holan.

Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da matakin teku. Ambaliyar 1953 ta kashe mutum 1,836, a 1995 kuma sai da aka kwashe kimanin mutum 250,000 daga yankin koguna saboda tsoron jinga za ta ɓalle. Don haka a nan ba a wasa da ruwa. Sabuwar ƙa'idar da ta fara aiki a 2017 ta ce kafin 2050 dole kowace babbar jinga ta kai matsayin da haɗarin mutuwar mutum ta sanadin ambaliya ba zai wuce ɗaya cikin 100,000 a shekara ba. Aikina na kullum yana cikin wannan ƙoƙarin, tare da hukumomin ruwa na yankuna, waɗanda guda 21 ne a ƙasar kuma jama'a ne suke zaɓen wakilansu.

Fannin da na fi ƙwarewa a kai shi ne zaizayar da ke faruwa a ƙarƙashin jinga. Yawancin mutane suna zaton jinga tana faɗuwa ne idan ruwa ya haura kanta. Sau da yawa ta ƙasa ake cin ta. Idan kogi ya cika, nauyin ruwan yana tura shi ta cikin yashin da ke ƙarƙashin yumɓu, ya ɓullo ta ɓangaren gari kamar ɗan ƙaramin marmaro. In ruwan da ke fitowa garau ne, da sauƙi. In kuwa yana ɗauke da yashi, to rami ne yake haƙuwa a hankali yana komawa wajen kogi, kuma ranar da ya isa can, jingar za ta zauna ko da samanta lafiya lau take.

Na ga wannan da idona a ƙarshen Disambar 2023, lokacin da IJssel ya cika. Muka fita zagaye da sassafe cikin sanyi, da takalmin roba da tocila. A gindin wata jinga, a filin kiwon shanu, muka tarar da ɗan tudun yashi da bai fi faɗin faranti ba, ruwa yana tsatsafowa ta tsakiyarsa. Ma'aikatan hukumar ruwa suka kewaye shi da buhunan yashi domin ruwan ya taru a ciki ya danne mai fitowa, ni kuma na auna yawan yashin, na ɗauki wurin a taswira. Da muka koma ofis, sai ga shi wurin ya faɗa daidai inda binciken ƙasa ya nuna yumɓun ya yi siriri. Wannan ranar ta ƙara tabbatar min da abin da nake tsaye a kai: lissafin kwamfuta ba ya wuce ingancin awon da aka ba shi, kuma injiniyan da ba ya taka laka da ƙafarsa zai sa hannu a kan abin da bai sani ba.

Ina fassara sakamakon binciken ƙasa da na rijiyoyin awon ruwan ƙarƙashi, ina lissafin tsayuwar gangaren jinga da manhajojin kwamfuta D-Stability da PLAXIS, ina kwaikwayon tafiyar ruwan kogi da HEC-RAS, taswira kuma da QGIS. Da Python na rubuta wani ɗan tsari da ke tattara awon rijiyoyinmu ya tace shi, aikin da a da yakan ci wa mutum ɗaya kwana biyu duk wata. Ina rubuta rahoto da Turanci da harshen Holan, wanda yanzu nake gudanar da taro da shi. Nakan zauna da manoman da aikin jinga zai ci wani yanki na gonarsu, kuma a nan tasowata take min rana, domin na san abin da taku goma na gona yake nufi ga mai ita.

Zuciyata ba ta bar gida ba. Ambaliyar 2022 ta sake cinye gonaki da gidaje a Jigawa, ciyawar kachala kuma tana ci gaba da toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗejiya da Nguru. Ba na cikin masu cewa a kwaso tsarin Holan a dasa a can; kuɗin ba ɗaya ba, ƙasar ba ɗaya ba, damina ma ba irin tasu ba ce. Abin da na ga zai yi amfani tun yau shi ne awo: ma'aunin ruwa a gadoji da ake karantawa kullum, bayanan da kowa zai iya gani, da saƙon da zai kai ga mai unguwa da sarkin noma kwanaki kafin ruwa ya iso. A lokacin hutuna ina aiki a kan taswirar wuraren da ruwa ke kwanciya a kwarin Haɗejiya ta amfani da hotunan tauraron ɗan Adam na Sentinel-1, waɗanda kyauta ne kuma gajimare ba ya tare su.

Ina son haɗuwa da injiniyoyi da masu bincike da ke aiki a kan kogunan Haɗejiya, Jama'are da Komadugu Yobe, ta ɓangaren Najeriya ko na Nijar, musamman wanda ke da tsofaffin bayanan awon ruwa, ko da a littafin rajista ne da aka rubuta da hannu. Ina kuma buɗe ga ayyukan haɗin gwiwa tsakanin Turai da Afirka ta Yamma a fannin ambaliya da noman rani.

Ƙannena ɗalibai, musamman 'yan mata masu karatun injiniya da ke neman tallafin digiri na biyu, ku turo min saƙo a nan da Hausa ko Turanci. Ku faɗa min fanninku, matakin da kuke, da abin da kuka riga kuka gwada. Nakan amsa a ƙarshen mako, in Allah ya yarda, kuma nakan duba takardar neman gurbi ta mutum biyu a kowane wata.