Ƙawalli don Allah ki karanta har ƙarshe

Assalamu alaikum amarya. Na san ganin sunana kawai ya isa ya ɓata miki rai, amma don girman Allah kar ki goge, ki karanta tukunna, in kin gama duk hukuncin da kika yanke na ɗauka. Yau kwana 9 da kai ki ɗakinki kuma sai yau na iya rubuto miki, tun bayan sallar isha'i nake rubutawa ina gogewa, har cajin wayar ya kusa ƙarewa.

Wallahi ban san ta ina zan fara ba. Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya kau da fitina. Addu'ar da ya kamata in yi miki a kunne ranar Lahadi ina riƙe da mayafinki, ita ce nake turowa ta waya kamar wata baƙuwa.

Bari in faɗa miki abin da ya faru, ba don in wanke kaina ba. Ranar Laraba na gama haɗa kaya tsaf, ankon kamu da na yini duk an karɓo daga wajen tela, na goge na ninke, turaren wutan da humrar da na yi miki alkawari suna cikin jaka na nannaɗe kwalaben da tsohon zani don kar su fashe a hanya. Niyyata Alhamis da sassafe in shiga mota a Kwangila, kafin azahar na sauka Unguwa Uku. Zariya zuwa Kano fa, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, shi ya sa abin yake ƙara ci na. To da yammar Larabar sai ga Hajiyar Abban yara ta iso daga Funtuwa ba sanarwa, ciwon ƙafarta ya tashi. Da daddare ya ce min in haƙura da Alhamis in bari sai Juma'a, wa zai kula da ita. Ni kuma kin san bakina, maimakon in lallaɓa shi sai na ce ai ƙannensa mata suna gari su ma suna da hannu, wata biyu da sanin bikin nan. Ashe Hajiya tana falo tana jin mu. Daga nan magana ta lalace, ya faɗa na faɗa, ƙarshe ya ce in na taka ƙofar gidan nan da sunan Kano to a bakin aurena. Shekara 6 muna tare bai taɓa furta min irin wannan ba.

Wannan shi ne dalilin rashin zuwana. Amma rashin kiranki ba shi da wani dalili, nan kam laifina ne ni kaɗai, ba Abban yara ba Hajiya. Ba wanda ya ƙwace min waya. Ranar Alhamis ina zaune a bakin gado ina kallon kiranki yana shigowa yana katsewa, sau 14 na ƙirga, ga na Anti, ga na 'yan guruf ɗinmu suna ta ina kike ina kike an fara kamu. Na ce bari in yi shiru zuwa dare zai huce, gobe in yi sammako in ba ki mamaki, me zai sa in tayar miki da hankali a banza. Juma'a ta zo bai huce ba, aka sauko daga masallaci na san an ɗaura, na shige banɗaki na yi kukana na wanke fuska na fito na ɗora wa Hajiya tuwo. Daga nan kuma kunya ta rufe ni, kullum sai in ga ai jiya ya kamata in kira, yau ya yi latti, haka har kwana ya yi ta tafiya. Na kashe data gaba ɗaya don kar ki gan ni a kan layi.

Kuma in dai gaskiya zan faɗa har da girman kai. Ni ce kullum mai cika baki a cikinku cewa mijina ba shi da matsala, ko ina na ce zan je sai dai ya ce a dawo lafiya. Sai na kasa buɗe baki in ce an hana ni fita. Na yi ta faɗa wa kaina wai ba na so in sa wa amarya tsoron aure a ranar aurenta, amma ƙarya nake wa kaina, mutuncina nake karewa na bar ki kina tunanin ko haɗari na yi a hanya. Da na ji cewa har kin sa yayanki ya je tasha yana tambayar direbobin Zariya ko lafiya hanya, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kina cikin lalle, gida cike da mutane, maimakon ki ji da kanki kina can kina neman wadda take kwance lafiya lau a ɗakinta.

Ni fa ban manta ba. Tun 2011 da aka haɗa mu gado sama da ƙasa a makarantar kwana, garin kwakinki nawa ne, sabuluna naki ne. A bikina sati guda kika tare a gidanmu, ke kika yi ta zarya Kantin Kwari har sau uku saboda atamfar anko ta ƙare a shagon farko, ke kika tsaya a kan jere har ƙarfe 2 na dare, kuma da aka kawo ni Zariya kowa ya watse ke ce ta ƙarshen fita, ina riƙe da gefen hijabinki ina kuka kina min tsiya wai ni da nake ta ɗokin aure. Ranar na ce miki naki bikin ni ce uwa ni ce uba. To ga yadda na cika alkawarin.

Jiya na daure na buɗe hotunan. Kin yi kyau har kin gaji ƙawalli, leshin nan ruwan zuma da muka yi ta musu a kansa ashe ke ce da gaskiya, ya karɓe ki sosai. Amma hoton kamu da na ga ƙawaye sun zagaye ki, gefen damanki wata ce da ko sunanta ban sani ba, sai da na kife wayar.

Ban ce ki yafe min yau ba, kuma amarya ba ta laifi balle ma ke ce aka yi wa. In zagi ne ki kira ki zage ni son ranki zan saurara ba zan katse ba. In kuma ba kya son jin muryata yanzu na gane, zan jira. Abu ɗaya nake roƙo, kar ki ɗauka raini ne ko wani abu nake riƙe da shi a zuciya game da aurenki, Allah shi ne shaidata babu.

Nan gida an sasanta, Baffa ya zo ya yi mana faɗa mu duka, na ba Hajiya haƙuri ta koma Funtuwa ranar Talata da sauƙi. Abban yara da kansa ya ce zai kawo ni ranar Asabar in Allah ya kai mu, ya ce shi ma yana da bayanin da zai yi wa angon. Amma ba zan faɗo miki gida haka kawai ba sai kin ce in zo. Zan fara biyawa ta wajen Umma in durƙusa in ba ta haƙuri, don na san ita ma ta ji ciwo, mutumin da take kira 'yarta. Turarenki yana nan ban ko buɗe jakar ba, da 'yar gudummawata da na so in damƙa miki hannu da hannu shi ya sa ban tura ta akawun ba.

In kin amince ki turo min kwatancen gidan, an ce min Rijiyar Zaki ne amma ban san layin ba. Ko kalma ɗaya ce ki rubuto, ko "zo" kawai. Ki gaida angon.